Yadda jini ke ɗauke iskar kabon dayoksaid, da abin da ke sa mai ciwon suga numfashi da ƙarfi alhali huhunsa lafiya lau

Tun lokacin annobar korona mutane da yawa suka san ƙaramar na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa ta nuna yawan oksijin a jini. Idan ta nuna 97 ko 98 sai hankali ya kwanta. Amma ma'aikatan ɗakin gaggawa sun saba ganin majiyyacin da na'urar ke nuna masa 98, ƙirjinsa babu ƙara ko kaɗan, ga shi kuma yana jan numfashi mai zurfi ba ƙaƙƙautawa, rai a hannun Allah. A gefe guda kuma tallace-tallace sun cika wayoyin mutane cewa jinin ɗan Adam yana yin tsami saboda abinci, sai an sha wani ruwa na musamman ko an lashi kanwa kafin ya daidaita. Ruɗanin biyu tushensa ɗaya: ana maganar numfashi kamar shigar da oksijin ne kaɗai aikinsa, alhali fitar da kabon dayoksaid, wadda ake rubutawa CO2, ita ce ta fi juya numfashin mutum minti bayan minti, kuma ta hanyarta jiki ke riƙe tsamin jini a inda ya dace.

## Me ake nufi da tsamin jini

Tsami a nan ba ɗanɗano ba ne. Yawan wasu ƙananan ƙwayoyi ne na haidirojin, da ake rubutawa H+, waɗanda kowane asid ke saki idan ya shiga ruwa. Ana auna su da ma'aunin pH, kuma ma'aunin a juye yake tafiya: idan lambar ta yi ƙasa, tsami ya ƙaru ke nan. Jinin mai lafiya yana tsakanin 7.35 da 7.45. Tazarar kamar ba komai ba ce, sai dai duk saukar 0.3 a ma'aunin tana nufin tsamin ya ninka sau biyu. Jinin da ya sauko daga 7.4 zuwa 7.1 ya ninka tsaminsa, kuma a wannan matsayi zuciya takan fara rage ƙarfin bugu, jijiyoyin jini su saki.

Tsamin yana fitowa ta hanya biyu. Babbar hanyar ita ce ƙona abinci. Ƙwayoyin halittar jiki suna ƙona sukari da kitse su samu ƙarfi, abin da ke saura shi ne ruwa da CO2. Babban mutum yana zaune ba ya aikin komai yana samar da kusan mililita 200 na wannan iska a minti ɗaya, wato kusan milimol 13,000 a yini. Milimol ma'auni ne na yawan ƙwayoyin sinadari. Idan CO2 ta narke a ruwa sai ta koma asid mai rauni. Hanya ta biyu ƙarama ce: asid ɗin da ke fitowa daga sarrafa nama, wake da sauran abinci mai gina jiki, kimanin milimol 50 zuwa 100 a yini. Na farkon huhu ke fitar da shi tunda iska ce, na biyun sai ƙoda.

## Tafiyar iskar daga tsoka zuwa huhu

Jinin da ya baro huhu yana ɗauke da kimanin mililita 48 na CO2 a kowace mililita 100. Idan ya zaga jiki ya dawo sai a tarar da 52. Bambancin mililita 4 ne kacal, amma zuciya tana tura kusan lita 5 a minti, to 4 sau 50 ya ba da 200 ɗin da aka ambata. Abin lura shi ne huhu ba ya wanke jini tas daga CO2. Ɗan abin da ya ƙaru a zagayen kawai yake cirewa, ya bar sauran, domin sauran yana da aiki.

Kaso kaɗan na iskar, ƙasa da ɗaya cikin goma, yana tafiya a narke cikin ruwan jini kamar iskar da ke cikin lemon kwalba. Wani kaso yana manne wa himogulobin, sinadarin nan ja da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, a wani gefe dabam da inda oksijin ke zama. Mafi yawa kuwa, wajen kashi 70 cikin 100, ana sauya masa kama ne ya koma bayikabonet, wanda ake rubutawa HCO3−. Littattafai sukan ɗan saɓa a kan waɗannan kasonni, saboda wasu suna lissafa duk CO2 da ke cikin jini, wasu kuma abin da aka ƙara a zagaye guda kawai. Duka sun yarda cewa bayikabonet ne babbar hanya. Sauyin yana tafiya kamar haka:

```
CO2 + H2O ⇌ H2CO3 ⇌ H+ + HCO3−
```

Idan aka bar CO2 da ruwa su kaɗai, haɗuwarsu tana cin daƙiƙoƙi masu yawa, jini kuwa ba ya kai daƙiƙa ɗaya a ƙananan jijiyoyin huhu. Abin da ya warware matsalar wani inzayim ne, wato sinadari mai hanzarta irin wannan sauyi, mai suna kabonik anhaidires, wanda ke cike a jajayen ƙwayoyin jini, kuma Meldrum da Roughton suka bayyana shi a Jami'ar Cambridge a 1933. Ƙwayarsa guda tana iya sauya ƙwayoyin CO2 har kusan miliyan ɗaya a daƙiƙa. Don haka iskar takan ratsa ruwan jini ta faɗa cikin jar ƙwaya, a can ake sarrafa ta nan take.

Da zarar an sarrafa ta, abu biyu ke fitowa, kuma dole a san yadda za a yi da kowanne, in ba haka ba aikin ya tsaya. Bayikabonet ana tura shi waje zuwa ruwan jini ta wata ƙofa da ke jikin fatar jar ƙwaya, ana musayarsa da kuloraid, ɗaya ya fita ɗaya ya shigo. Shi kuwa H+, wanda shi ne tsamin kansa, ba a barinsa ya yi yawo. Himogulobin ke kama shi.

## Aikin himogulobin na biyu

Himogulobin yana da wuraren da ke iya riƙe H+, kuma ƙarfin riƙon yana canzawa gwargwadon ko yana ɗauke da oksijin ko ya sauke. Idan ya sauke oksijin, siffarsa takan ɗan sauya, ya fi son kama H+ da CO2. Idan ya ɗauki oksijin sai ya sake su. Ke nan a cikin tsoka, daidai lokacin da ya ajiye oksijin, a lokacin ne hannunsa ya buɗe don karɓar tsamin da tsokar ta zubo. Kamar babbar mota ce da ta kai hatsi kasuwa, sauke buhunan ne ya samar da wurin lodin da za ta komo da shi. John Scott Haldane da abokan aikinsa biyu suka nuna wannan a 1914.

Shekara goma kafin nan, a 1904, Christian Bohr na ƙasar Denmark da abokan aikinsa sun nuna ɗaya fuskar al'amarin: inda CO2 da tsami suka yi yawa, himogulobin yana saurin sakin oksijin. Cinyar mai noma ko mai gudu tana zubo CO2 fiye da ta wanda ke zaune, saboda haka a can himogulobin ya fi sauke oksijin, ba tare da wani umarni daga ƙwaƙwalwa ba.

A huhu komai yana komawa baya. Oksijin ya hau himogulobin, H+ ya sauka, bayikabonet ya dawo cikin jar ƙwaya ta ƙofar da ya fita, suka haɗu, inzayim ɗin ya mai da su ruwa da CO2, iskar ta fita da numfashi. Sakamakon duk wannan shi ne jinin da ke dawowa daga jiki, duk da lodin da ya ɗauko, pH ɗinsa yana wajen 7.36, na wanda ya baro huhu kuma 7.40.

Wannan halin na himogulobin yana da nauyi ga masu cutar sikila. Himogulobin ɗinsu yana curewa ne idan ya sauke oksijin, tsami kuma yana sa shi saukewa da wuri. Shi ya sa zazzaɓi, bushewar ruwan jiki da duk abin da ke ƙara tsami ke iya tayar musu da ciwo.

## Dalilin da ya sa bayikabonet ya fi ƙarfinsa a takarda

Alaƙar pH da bayikabonet da CO2 tana cikin lissafi guda da ke ɗauke da sunan Henderson da Hasselbalch:

```
pH = 6.1 + log( HCO3− / (0.03 × pCO2) )
```

A mai lafiya bayikabonet yana wajen milimol 24 a lita, matsin CO2 a jini, wato pCO2, kuma 40 mmHg. Idan aka ninka 40 da 0.03 an samu 1.2, sai a raba 24 da 1.2 a samu 20, wanda ke ba da pH 7.4. Abin riƙewa ga wanda ba ya son lissafi shi ne jiki yana tsare rabon nan ne na 20 da 1. Na sama ƙoda ke kula da shi, na ƙasa huhu.

Masanin sinadarai da ya ga 6.1 a lissafin zai ce bayikabonet bai dace da wannan aiki ba, domin irin waɗannan sinadarai sun fi tare tsami idan lambarsu tana dab da pH ɗin da ake so. A cikin rufaffiyar kwalba maganarsa gaskiya ce. Duk asid ɗin da bayikabonet ya tare yana komawa CO2, ta taru a kwalbar, rabon ya lalace da sauri. Jiki kuwa a buɗe yake ta huhu. CO2 ɗin da ta fito ana fitar da ita, kuma idan ƙwaƙwalwa da wasu ƙananan gaɓoɓi da ke jikin manyan jijiyoyin wuya suka ji tsami ya ƙaru, sai su ƙara zurfin numfashi cikin mintoci har CO2 ta sauka ƙasa da yadda aka saba. Ƙoda ta fi jinkiri. Tana tace bayikabonet fiye da milimol 4,000 a yini ta mai da kusan dukkansa cikin jini, tana kuma ƙera sabo ta zubar da tsami a fitsari, amma kafin gyaranta ya cika sai an yi kwana uku zuwa biyar.

## Misali: saurayi mai ciwon suga da allurarsa ta ƙare

A ɗauka saurayi ne ɗan shekara 19 mai nau'in ciwon suga da ke buƙatar insulin kullum. Allurar ta yanke masa kwana biyu, ga zazzaɓi. Yana yawan fitsari, ƙishirwa ba ta barinsa, ya fara amai da ciwon ciki. Da aka kawo shi leɓɓansa sun bushe, idanu sun faɗa, yana jan numfashi mai zurfi a jere kamar wanda ya gama tsere, bakinsa na fitar da wani wari mai kama da na 'ya'yan itace da suka nuna sosai. Na'urar yatsa ta nuna 98.

Abin da ya faru shi ne, rashin insulin ya hana jiki amfani da sukari, sai hanta ta koma fasa kitse tana zubo asid da ake kira kiton. Kowane H+ da kiton ya saki yana cinye bayikabonet guda. A ce gwajin jini ya nuna bayikabonet ya faɗo zuwa 8, matsin CO2 kuma 20. Lissafin zai zama 8 a raba da 0.6, wato kusan 13, pH kuma 7.22. Da a ce numfashinsa bai ƙaru ba, CO2 ta tsaya a 40, rabon zai zama 8 a kan 1.2, ƙasa da 7, pH kuma 6.92. Numfashin da ya tsorata 'yan uwansa shi ne ya tsaya tsakaninsa da tsamin da ya ninka wanda yake ciki sau biyu. Likita Adolf Kussmaul na Jamus ya siffanta irin wannan numfashi a 1874, har yau da sunansa ake kiransa.

Likitoci suna da hanyar gane ko huhu yana yin abin da ake tsammani. Ana ninka bayikabonet da 1.5 a ƙara 8, amsar ita ce CO2 ɗin da ya kamata a gani, da sassaucin 2 sama ko ƙasa. A nan 12 da 8 sun ba da 20, ke nan huhun saurayin yana aikinsa. Da an ga 32, to ko da yake lambar tana ƙasa da 40, alama ce mai ban tsoro: ko ya fara gajiya, ko akwai ciwon huhu a ɓoye, ko an ba shi wani magani mai sa barci. Wannan ne ya sa ba wa irin wannan majiyyaci maganin kwantar da numfashi ke da haɗari ƙwarai.

Akwai lissafi na biyu da ke nuna daga ina tsamin ya fito. Ana haɗa kuloraid da bayikabonet a cire su daga sodiyam. A mai lafiya ragowar tana wajen 8 zuwa 12. Idan sodiyam ɗin saurayin 134 ne, kuloraid 98, bayikabonet 8, ragowar 28 ce, kuma wannan giɓi yana nuna akwai wani baƙon asid a jini. Wanda ya zubar da bayikabonet ta hanyar gudawa kuwa sau da yawa giɓinsa ba ya faɗaɗa sosai, domin kuloraid ke hawa ya cike gurbin.

## A ba da bayikabonet ko kada a ba da

Tunda bayikabonet ne ya ragu, hankali zai ce a zuba shi ta jijiya a huta. Shekaru da dama haka ake yi, kuma har yanzu akwai masu ganin amfaninsa idan tsami ya yi tsanani. Hujjarsu ita ce zuciya ba ta aiki sosai a cikin tsami mai yawa, magungunan ɗaga hawan jini ma ƙarfinsu yana raguwa, don haka ɗan ɗaga pH yana iya sayen lokaci.

Masu taka-tsantsan suna kawo hujja daga lissafin da ke sama. Bayikabonet da aka zuba yana haɗuwa da H+ ya zama CO2, wadda dole huhun da ya riga ya gaji ya fitar. CO2 tana ratsawa cikin ƙwayoyin halitta da ƙwaƙwalwa fiye da saurin bayikabonet, saboda haka jini na iya gyaruwa a takarda alhali tsami ya ƙaru a ciki. Bayikabonet ɗin yana kuma tura fotashiyam daga jini zuwa cikin ƙwayoyin halitta, abin da ke iya rikita bugun zuciya. A ciwon suga akwai ƙarin hujja: da zarar an ba da ƙarin ruwa da insulin, jiki yana ƙona kiton ɗin da ya taru, ƙonawar kuma tana dawo da bayikabonet da kanta.

Inda aka tsaya a yau ya fi kusa da ɓangare na biyu. Ga manya masu tsamin kiton, ƙa'idojin jinya ba sa kawo maganar bayikabonet sai pH ya faɗi wajen 7.0 ko 6.9 zuwa ƙasa. Ga yara an fi guje masa, saboda an sami alaƙa tsakaninsa da kumburin ƙwaƙwalwa. Wani babban bincike da aka yi a ɗakunan kulawa ta musamman a Faransa, aka wallafa a 2018, bai ga bambanci a sakamakon majiyyata gaba ɗaya ba, amma ya ga alamar amfani ga waɗanda ƙodarsu ta samu rauni. Saurayin misalinmu mai 7.22 ruwa, insulin, fotashiyam da maganin abin da ya jawo zazzaɓin yake buƙata.

Lamarin ya bambanta idan asarar bayikabonet ɗin ce asalin matsalar, kamar a amai da gudawa irin na kwalara, inda ake zubar da shi a bayan gida. A nan mayar da shi yana da ma'ana. Wannan ne dalilin da ya sa ƙullin gishiri da sukari na asibiti ke ɗauke da sinadarin sitiret, wanda hanta ke mayarwa bayikabonet, abin da haɗin gida na gishiri da sukari zalla ba shi da shi, ko da yake shi ma yana ceton rai idan babu ƙullin.

## Ruwan alkalin, kanwa da sauran abin da ya shafi gida

Masu tallar ruwan alkalin, wato ruwan da aka ce yana kashe tsami, sukan nuna takardar gwajin fitsari ta canza launi a matsayin shaida. Fitsari yana iya sauyawa daga pH 4.5 zuwa 8 gwargwadon abin da aka ci, kuma sauyin shaida ce cewa ƙoda ta zubar da rarar don jini ya zauna inda yake. Ɗan alkalin da ke cikin kwalbar ruwa, bayan ya gamu da asid ɗin ciki, ba abin da zai taɓa a tsarin da ke sarrafa milimol 13,000 a yini.

Kanwa ta fi ruwan nan ƙarfi nesa ba kusa ba, domin yawancinta sodiyam kabonet da bayikabonet ce. Ɗan abin da ake sa wa a miyar kuɓewa ko a dafa wake, mai lafiyar ƙoda yana fitar da shi. Mai shan ta da yawa kullum don ƙwannafi ko gyambon ciki yana loda wa jikinsa sodiyam, abin da ke da illa ga mai hawan jini, mai ciwon zuciya da mai ciwon ƙoda, kuma idan ƙodar ta gaza jinin yana iya karkata ɗaya gefen, tsaminsa ya yi ƙasa da ƙima.

Akwai kuma rikita CO2 da kabon monoksaid, iskar da ke fita daga janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki. Ita wannan tana ƙwace mazaunin oksijin ne a jikin himogulobin, da ƙarfin da ya fi na oksijin sau 200 da wani abu, kuma na'urar yatsa ta yau da kullum ba ta bambance su, tana iya nuna lamba mai kyau ga wanda ya shaƙe ta.

Ga iyaye, wurin da wannan bayani ya fi aiki shi ne jikin yaro mai zazzaɓin cizon sauro ko gudawa. Idan maleriya ta yi tsanani, jini ya ragu, ƙananan jijiyoyi suka toshe, tsoka takan rasa isasshen oksijin ta fara zubo asid ɗin laktik. Binciken da aka yi a Kilifi ta ƙasar Kenya a shekarun 1990 ya nuna cewa wahalar numfashi tana cikin manyan alamomin haɗarin mutuwa ga yara masu maleriya mai tsanani, kuma sau da yawa tsamin jini ne sanadinta. Yaron limoniya yawanci yana tari, numfashinsa gajere ne da sauri, ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki. Yaron da jininsa ya yi tsami yana jan iska ne mai yawa, a zurfafe, ƙirji da ciki suna ɗagawa sosai, sau da yawa babu tari. Alamomin biyu suna iya haɗuwa a yaro guda, kuma dukansu na asibiti ne a ranar, ko na'urar yatsa ta nuna 98.